Ja da kumburi bayan kaciya: wanne ne na warkewa, wanne ne na zuwa asibiti?

Da hunturu ya kama a Katsina da Daura, daga Disamba zuwa Janairu, gidaje da yawa kan yi wa yara shayi, wasu a wurin wanzami, wasu a asibiti. Jarirai kuma ana yi musu a kowane lokaci na shekara, galibi da zoben roba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye suka fi yi a kwanakin farko. Abu guda nake so a riƙe tun daga nan: ja da kumburi kaɗai ba su ne ciwo ba. Abin dubawa shi ne ina suka dosa, raguwa suke yi ko ƙaruwa, kuma yaya yaron yake a jikinsa.

Kwana biyu da yin kaciyar, wurin ya yi ja ya kumbura. Ya lalace ne?

A mafi yawan lokuta a'a. Duk inda aka yanki fata, jiki kan tura jini da ruwa wurin don ya ɗinke, kuma fatar azzakari sakakkiya ce, ruwa na taruwa a cikinta da sauƙi. Shi ya sa kumburin kan fi yawa a rana ta biyu da ta uku, musamman daga ƙasa da kuma zagayen layin da aka yanka. Wani lokaci har ya yi kamar an zagaya wuyan azzakarin da ƙaramin gammo mai laushi.

Kan azzakarin ma kan yi ja sosai, ko ja mai ɗan duhu da sheƙi. Dalili kuwa a da loɓa ce ta rufe shi, bai saba da iska da gogar tufa ba. A jarirai ma loɓar a manne take da kan, sai an raba su kafin a yanke, don haka wurin kan zama kamar an ɗaye shi. Cikin mako guda zuwa biyu launin kan lafa.

Kumburin warkewa yana da siffofinsa. Yana tsayawa a kusa da yankan, ba ya hawa zuwa gindin azzakari ko mara. Yana da laushi idan an taɓa. Daga rana ta huɗu yana fara sauka, ko da a hankali ne. Yaron yana fitsari, yana cin abinci ko shan nono, jikinsa ba zafi. In waɗannan duk sun cika, a ci gaba da kula a gida.

To yaya zan gane ja na ƙwayoyin cuta, alhali fatar ɗana baƙa ce?

Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin a fatarmu ja ba ya fitowa fili kamar yadda ake kwatantawa. A kan azzakarin da bakin yankan ana ganinsa, amma a jikin azzakarin da mara sai an lura da wasu alamu. Fatar kan yi duhu fiye da ta kewayenta, ta ɗaure tana ƙyalli. Idan ki ka wanke hannu ki ka ɗora bayan yatsa a wurin, sannan ki ka ɗora a cinya, za ki ji wurin ya fi zafi. Yaron kuma zai zabura ko da taɓawar ba ta kai ga yankan ba.

Sai a dubi lokaci. Ciwon da ƙwayoyin cuta suka shiga ba kasafai yake nunawa a ranar farko ba, ya fi bayyana daga rana ta uku zuwa ta bakwai, wato daidai lokacin da ya kamata sauƙi ya fara samuwa. Yaron da jiya ya fara wasa, yau ya koma kuka yana ƙin a kusance shi, kumburin da ya fara sauka ya dawo, wannan juyawar ita ce babbar shaida.

Ga dabara mai sauƙi. Da safe, a hasken rana, a duba inda kumburin ko duhun ya tsaya, a ɗiga ɗan alama da biro a kan lafiyayyar fata daidai iyakarsa, nesa da yankan. Da yamma a sake dubawa. In ya tsallake alamar ya nufi mara ko marena, ba a jiran gobe.

Wani abu rawaya-rawaya ya lulluɓe kan da bakin yankan. Mugunya ce?

Nan ne iyaye suka fi ruɗewa, kuma nan ne ake yi wa yara ɓarna da kyakkyawar niyya. Daga rana ta biyu ko ta uku, wani siririn abu fari-fari ko rawaya kan fito ya manne a wurin. Ba mugunya ba ce. Ruwan jiki ne da ya daskare ya zama rufi, sabuwar fata na tsirowa a ƙarƙashinsa. Yakan ɗauki kusan mako guda, ya tafi da kansa. In aka kankare shi da auduga ko tsumma, jini zai fito, warkewa ta koma baya.

Bambancin shi ne wannan rufin a manne yake, ba ya gudana, ba ya wari, kuma ruwa ba ya wanke shi. Mugunya kuwa tana da kauri ko tana tsiyaya, launinta rawaya mai duhu ko kore-kore, tana ɓata zane ko kunzugu, in an goge sai ta sake fitowa, kuma sau da yawa tana ɗoyi. Ba ta cika zuwa ita kaɗai ba, takan zo da ƙarin kumburi da zafi. Mugunya ta asibiti ce a ranar da aka gan ta.

Waɗanne alamu ne ba a kwana da su, ko da tsakar dare ne?

Jinin da ya ƙi tsayawa shi ne na farko. Ɗan ɗigo a bandeji ko kunzugu ba komai ba ne. Amma in yana ɗiga, a sa auduga mai tsabta ko sabon tsumma a matse wurin da yatsu tsawon minti 10 cif, ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. In aka saki ya ci gaba, a matse kuma a kama hanya. Jariri mai kilo 3 duk jinin jikinsa bai wuce mililita 250 da 'yan kai ba, kusan rabin ledar fiya-wata ke nan, don haka abin da babba zai raina yana iya galabaitar da shi. Kunzugun zamani kuma yana shanye jini ya ɓoye yawansa, a riƙa buɗewa ana dubawa a ranar farko.

Na biyu rashin fitsari. Jariri ko yaro ya kai awa 8 bayan kaciya bai yi fitsari ba, ko yana yunƙuri yana kuka sai ɗigo-ɗigo, mararsa ta cika ta yi tauri, a kai shi. Sau da yawa bandeji ne aka ɗaure da ƙarfi, ko kumburi ya toshe ƙofar.

Na uku launin kan azzakari. In ya koma baƙi, ko shuɗi mai duhu, ko toka-toka, ya yi sanyi, jini ne ba ya isa wurin. Ɗauri mai tsauri ko zoben da ya zame ne kan jawo haka. In bandeji ne a sassauta shi nan take, sannan a tafi. Awanni kaɗan ke raba ceton wurin da asararsa.

Na huɗu zazzaɓi. A jaririn da bai kai wata uku ba, zafin jiki na digiri 38 ko fiye gaggawa ce, ko da wurin kaciyar yana da kyan gani. Kuma jariri ba lallai ya yi zazzaɓi ba, wani jikinsa ma sanyi yake yi. Ƙin kama nono, yawan barcin da ba a iya tada shi, saki na jiki, numfashi da sauri, kowanne daga cikinsu ya isa dalilin tafiya.

Na biyar, kumburin da ke gudu cikin awanni zuwa marena da mara, da ƙuraje masu ruwa ko baƙin tabo, da raɗaɗin da ya fi ƙarfin abin da ido ke gani. Wannan ba ya yawan faruwa, amma yana cin nama da sauri, kuma aikin likitan tiyata ne.

A ba mu misali, yadda kwanakin ke tafiya.

Mu ɗauki yaro ɗan shekara bakwai a Daura, mai nauyin kilo 20, an yi masa shayi ranar Asabar da safe. Asabar da yamma ya yi fitsari yana kuka saboda raɗaɗi, akwai ɗan tabon jini a zanensa wanda bai ƙaru ba. Wannan daidai ne. Lahadi da Litinin wurin ya kumbura, ƙasan ya fi sama, rawayan rufin nan ya fito. Yana tafiya a tattale, amma ya ci naman kazarsa, ya sha fura, jikinsa ba zafi. Har yanzu daidai ne. Don raɗaɗi ana ba shi farasitamol miligiram 250, wato rabin ƙwayar manya mai 500, duk bayan awa 6 in ya buƙata, ba fiye da sau huɗu a yini da kwana ba.

Daga Talata hanya ta rabu biyu. A ta farko, kumburin ya ɗan saki, yaron ya daina neman magani, ranar Alhamis sai an hana shi fita wasa. Zuwa mako biyu ko uku yankan ya haɗe, ragowar ɗan kumburin bakin layin kuma yana iya kaiwa mako huɗu zuwa shida kafin ya baje gaba ɗaya. Wannan yaro ba ya buƙatar komai sai tsabta.

A ta biyu, ranar Laraba ya tashi yana cewa wurin na yi masa zogi fiye da jiya. Kumburin da a da ya tsaya a wuyan azzakarin ya kai tsakiyarsa, fatar na ƙyalli, zanensa ya ɓaci da ruwa mai kauri mai wari, akwai kaluluwa a matsematsinsa, da yamma jikinsa ya ɗau zafi ya ƙi tuwo. Wannan yaron Larabar nan za a kai shi asibiti mafi kusa, ba a ce bari a ga Juma'a ba. Can za a wanke wurin, a duba ko mugunya ta taru a ƙarƙashin fata, a tambayi tarihin rigakafinsa, a rubuta maganin ƙwayoyin cuta daidai nauyinsa. In an kai da wuri, sau da yawa maganin sha ya wadatar. In an makara, sai kwanciya da allurai.

An sa wa jaririna zoben roba. Fatar da ke gaban zaren ta yi baƙi.

Haka aka tsara shi. Zaren yana datse jini daga ragowar loɓar da ke gabansa, ta bushe ta yi baƙi kamar yadda cibiya ke yi, sannan ta faɗi tare da zoben. A jarirai yakan faɗi tsakanin kwana 5 zuwa 8, a yaran da suka ɗan tasa yana iya daɗewa kaɗan. Baƙin da ba matsala shi ne na siririn bakin fatar da ke gaban zaren kawai. Kan azzakarin da ke cikin zoben dole ya kasance ja mai rai.

Kada a ja zoben, ko da ya saki ta gefe guda yana lilo. A koma asibiti idan ya kai kwana 10 bai faɗi ba, ko idan ya zame baya har kan azzakarin ya leƙo gaba ɗaya ta cikinsa ya kumbura. Zoben da ya maƙale haka yana shaƙe wurin, yana iya cin fata har ya huda hanyar fitsari. Ma'aikacin lafiya zai datse shi cikin 'yan mintuna. Kada a gwada da reza ko almakashi a gida.

Me zan shafa, me zan guje wa?

Abin da ake buƙata kaɗan ne. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa wurin. A zuba ruwa mai tsabta mai ɗan ɗumi a kai, wanda aka tafasa ya huce, a bar shi ya bushe ko a dangwala tsumma mai tsabta, ban da gurzawa. Ga yaro babba ana iya sa ƙaramin cokali guda na gishiri a rabin lita na ruwan. Ga jariri a shafa farin basilin marar ƙamshi a kan azzakarin duk lokacin da aka canja kunzugu, don kada ya manne, a kuma canja da zarar ya yi kashi ko fitsari. In bandeji ya manne, a jiƙa shi da ruwan ɗumi har ya saki da kansa.

Tsohuwar al'adarmu ta sa wa ɗan shayi riga mai yalwa ba wando tana da kyau, tana hana guga. Sai dai ƙurar hunturu da ƙudaje, don haka a shimfiɗa masa tabarma mai tsabta, kada ya zauna a ƙasa.

Abin da nake roƙon a bari: toka, ƙasa, kashin dabbobi, garin bagaruwa ko wani garin itace, man goge baki, baƙin mai, da fasa kafso a barbaɗa garinsa. Na san kakanni da yawa za su ce da haka aka yi wa iyayen yaran kuma suka warke. Gaskiya ne da yawa sun warke, amma garin da ya daskare a kan ciwo yana rufe mugunya a ƙasa, yana hana a ga halin da wurin ke ciki, toka da ƙasa kuma hanya ce ta tetanos. Sifirit da ruwan kashe ƙwayoyin cuta na wankin ɗaki suna ƙona sabuwar fata, su jawo irin jan da ake tsoro. Gashi da ruwa mai zafi sosai ko ƙarfe mai zafi shi ma ƙuna ce a kan yanka.

Kada a ba yaro asfirin, yana tsinka jini. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa kada a ba shi farasitamol sai ma'aikacin lafiya ya ce, domin yana iya ɓoye zazzaɓin da ya kamata a gani.

Ba zan iya sayen maganin ƙwayoyin cuta a kemis in ba shi ba, don rigakafi?

Kaciyar da ke warkewa lafiya ba ta buƙatarsa. Wadda ta kamu kuma tana buƙatar a gan ta da ido, domin in mugunya ta taru ko zobe ya maƙale, babu kafson da zai gyara. Abin da ya fi faruwa shi ne a ba da rabin ƙa'ida kwana biyu, zafi ya ɗan lafa, ciwon na ci a ƙasa.

Ina tetanos ya shigo cikin maganar kaciya?

Ƙwayar tetanos tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga ta yanka, ko daga askar da ba a tsabtace ba ko daga abin da aka barbaɗa. Alamunta kan fito tsakanin kwana 3 zuwa 21, kuma wurin kaciyar yana iya zama kamar ya warke. Yaro ya kasa buɗe baki, wuya da baya su sandare, jiki ya riƙa fizga in an yi ƙara ko an taɓa shi. Jariri kuma ya daina iya tsotso bayan da yana sha lafiya. Wannan ba iska ba ce, ciwo ne na asibiti, kuma na gaggawa.

Allurar fenta da ake yi wa jarirai a mako 6, 10 da 14 tana ɗauke da rigakafinsa, jariri sabon haihuwa kuma yana samun kariya daga allurar da uwa ta karɓa a awon ciki. In yaron bai kammala rigakafi ba, ko ba a san inda katinsa yake ba, a faɗa wa ma'aikacin lafiya, mafi kyau tun kafin a yi shayin.

Akwai yaran da ya kamata a fi sa musu ido?

Akwai. In a dangin uwa an taɓa samun namijin da ya yi ta zubar da jini bayan kaciya ko cire haƙori, a gaya wa likita kafin a taɓa yaron, domin ciwon rashin daskarewar jini ta wajen uwa yake bi zuwa 'ya'ya maza. Jaririn da aka haifa a gida bai sami allurar bitamin K ba shi ma ya fi saurin zubar jini. Sai mai sikila, da bakwaini, da mai tamowa: ƙaramin canji a wurinsu ya isa a je a duba.

Ni babba ne aka yi mini. Da bambanci?

Alamun haɗari duk ɗaya ne, amma kumburin babba ya fi daɗewa, kuma miƙewar gaba da dare tana jan ɗinkin ta sa zafi ko ɗan jini. Yin fitsari kafin kwanciya yana ragewa. Wando na ciki mai ɗan kama jiki, wanda zai riƙe azzakarin yana kallon sama, yana taimaka wa kumburin ya sauka. Zaren ɗinki mai narkewa kan zube cikin mako biyu zuwa huɗu. A haƙura da iyali har mako shida. In wani gefe ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri da duhu, jini ne ya taru a ciki, a koma wurin wanda ya yi aikin. Mai ciwon suga ya kula da sugansa, domin hawansa na jinkirta warkewa.

Ya warke, amma bayan makonni mun ga wani abu daban.

In fitsari na fita ta wuri biyu, ko yana ɗiga ta ƙasan azzakari, hanyar fitsari ce ta huje, kuma tiyata ke gyara ta. In bayan watanni fitsarin ya zama siriri yana harbawa sama, yaron na daɗewa yana yunƙuri, ƙofar ce ta tsuke. In fata ta manne da kan, ko tabon ya rufe shi har ba a ganinsa, a nuna wa likita, kada a ɓalle da ƙarfi. Waɗannan ba na tsakar dare ba ne, amma ba sa buƙatar a jira yaro ya girma kafin a je.

Ina za mu je, kuma me za mu faɗa?

Don a duba ja, kumburi ko mugunya a yaron da ke ci yana wasa, asibitin sha-ka-tafi na unguwa ya isa a fara da shi. Don jini, rashin fitsari, baƙin kai, sandarewa ko jariri mai zazzaɓi, a wuce kai tsaye babban asibiti. A Katsina akwai Babban Asibitin Katsina, da Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, da Asibitin Koyarwa na Tarayya. A Daura akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wadda a da ita ce Babban Asibitin Daura. Wanda ke ƙauyukan Sandamu, Zango, Ɓaure ko Mai'aduwa ya lissafa da nisan hanya, ya tashi tun da rana in ya ga abin na juyawa.

A tafi da katin rigakafi da duk maganin da aka ba yaron. A faɗi ranar da aka yi kaciyar, wa ya yi, da me aka yi, yaushe ya yi fitsarin ƙarshe, da duk abin da aka shafa ko aka barbaɗa, ko da toka ce ko garin magani. Kada kunya ko tsoron faɗa ya sa a ɓoye, domin da wannan bayanin ne ake yanke shawarar ko yaron na buƙatar allurar tetanos a ranar.